Kullu Aamin Wa Anta Bi Khair: Abin da Ya Bambanta Gaisuwar Ranar Haihuwa ta Larabci da ta Turanci

Idan Balarabe zai taya abokinsa murnar zagayowar ranar haihuwa, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne "kullu aamin wa anta bi khair", wato kowace shekara ta zo ta same ka cikin alheri. Bature kuwa kalmomi biyu sun ishe shi, "Happy birthday", kuma a rubutun waya har an taƙaita su zuwa haruffa uku, HBD. Mutane da dama suna ɗaukar cewa ɗaya fassarar ɗayar ce, alhali Larabci yana da wata jimla daban wadda ita ce ainihin kwatankwacin ta Turanci, wato "idu miladin sa'id". Wannan ana ganinta a jikin kati da kan kek da saƙonnin da kamfanoni ke aika wa abokan cinikinsu, kuma babu kuskure a cikinta, sai dai abokin da ya tsaya a kanta kawai ga amininsa na shekaru zai zama kamar bai gama magana ba. Dalilin haka yana cikin yadda aka gina jimlolin biyu.

Jimlar Turanci, da 'yar'uwarta "idu miladin sa'id", suna magana ne a kan rana. Siffar farin ciki ranar aka jingina wa, kuma abin da ake fata shi ne wannan yini guda ya wuce cikin daɗi. Mai ranar ma ba a ambace shi ba, domin babu "kai" ko "ke" a cikin kalmomin biyu sai idan an ƙaro su. Jimlar "kullu aamin wa anta bi khair" kuwa ba ta ambaci ranar haihuwa ko sau ɗaya ba. Abin da ke cikinta shi ne shekara, da kai, da alheri. Ta ɗauki ranar a matsayin wata gaɓa da ake tsayawa a dubi rayuwar mutum, sannan ta miƙa fata zuwa shekarun da ke gaba, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta sa musu iyaka ba. Harafin "wa" da ke tsakiya shi ne wanda masana nahawu ke kira wawun hali, yana nuna yanayin da ake so shekarar ta iske mutum a ciki. An yi muhawara a kan wannan harafi, wasu masu tsaurin ra'ayi a harshe suka ce bai kamata ya shigo ba, amma Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira ta amince da jimlar yadda jama'a ke faɗinta, bisa fahimtar cewa akwai aikatau da aka ɓoye, kamar a ce kowace shekara tana gabatowa alhali kana cikin alheri. Saboda haka wanda aka faɗa wa ita yana jin cewa ana son ya rayu ya ga baɗi da baɗin baɗaɗa, kuma ana son a same shi lafiya a kowace.

Abu na biyu shi ne Larabci yana tilasta wa mai magana ya san wanda yake wa magana. Namiji ana ce masa "wa anta", mace "wa anti", jama'a ko babban mutum da ake girmamawa "wa antum". Bahaushe ba zai ga wannan baƙon abu ba, tunda shi ma yana rarrabe "kai" da "ke" da "ku", amma Turanci kalma ɗaya yake da ita ga dukkansu, shi ya sa ana iya kwafe saƙo guda a tura wa mutum goma ba tare da an taɓa ko harafi ba. A Larabcin Masar bambancin ya fi fitowa, domin su "kulli sana w inta ɗayyib" suke cewa ga namiji, "kulli sana w inti ɗayyiba" ga mace, "kulli sana w intu ɗayyibin" ga jama'a, wato siffar ma tana sauyawa tare da lamirin. Mutanen Sudan su ma suna amfani da wannan salo. A ƙasashen Sham, wato Siriya da Lebanon da Falasɗinu da Jodan, za ka ji "kill sane w inta salim", ma'ana kowace shekara kana cikin aminci, ko kuma "yin'ad alek", Allah ya maimaita maka. Wannan ta ƙarshe duk Bahaushen da ya ji ta zai tuna da "Allah ya maimaita mana" da muke faɗa ranar Sallah, kuma dangantakar ta gaskiya ce, domin Larabawa da waɗannan jimloli ɗin dai suke gaisawa a ƙaramar Sallah da babba da shigowar Ramadan da sabuwar shekara. Ranar haihuwa aro ta yi daga gaisuwar idi, sai ta zo da nauyin da wannan gaisuwa ke ɗauke da shi.

Wannan aro yana da wata illa da ya kamata a faɗa, domin a nan ne masu yabon Larabci sukan zarce gona da iri. Jimlar da ake faɗa wa mai shago da direban tasi da maƙwabcin da ba a san sunansa ba ranar Sallah ba za ta zama shaidar aminci ita kaɗai ba. Bamisire da ya ji "kulli sana w inta ɗayyib" ba ya tsayawa ya yi tunanin zurfin ma'anarta, kamar yadda mu ma ba mu tsayawa mu auna "ina kwana". Baƙo ne yake jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya su burge shi. Don haka idan aka ce gaisuwar Larabci ta fi ratsa zuciya, abin da ake nufi shi ne ta fara daga mataki mafi kusa da mutum, kuma ta bar ƙofa a buɗe ga abin da zai biyo baya. Shaƙuwar tana bayyana ne a abin da aka ɗora a kanta, kuma abubuwan da ake ɗorawa uku ne a mafi yawan lokuta: sunan da ake kiran aboki da shi, fatan tsawon rai, da addu'a.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wani ɗalibi Bahaushe da ke karatu a Jami'ar Azhar yana da aboki Bamisire, sa'ansa, suna zama a aji ɗaya suna cin abinci tare, sai ranar haihuwar abokin ta zagayo. Idan ya rubuta masa "idu miladin sa'id ya sadiƙi", ya yi daidai a nahawu, amma saƙon zai yi kama da wasiƙar ofis, domin "sadiƙi" kalmar littafi ce, samarin Alƙahira ba da ita suke kiran juna ba. Abin da ɗan gari zai rubuta ya fi kama da wannan:

كل سنة وانت طيب يا صاحبي، عقبال مية سنة في صحة وسعادة، وربنا يحققلك كل اللي بتتمناه

A karance, "kulli sana w inta ɗayyib ya sahbi, u'bal mit sana fi sihha wi sa'ada, wi Rabbina yiha'a'lak kull illi bititmannah." Ma'anarsa ita ce, kowace shekara ta same ka lafiya abokina, Allah ya kai ka shekara 100 cikin ƙoshin lafiya da farin ciki, Ubangijinmu ya cika maka duk abin da kake buri.

Gaɓa ta farko ita ce gaisuwar da kowa ke samu. Abin da ya mayar da ita ta aboki shi ne "ya sahbi". A wannan gurbi ana iya sa "ya akhi", ɗan'uwana, ko "ya ghali", mai tsada a wurina, ko "ya habibi", kuma Basudane zai iya cewa "ya zol". Kalmar "habibi" tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin a wurin samarinmu ta zama kalmar soyayya tsakanin saurayi da budurwa, alhali a Masar da Sham maza biyu abokai suna faɗa wa juna ita sau da yawa a rana ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, haka ma mata suna kiran juna "habibti". Inda ake taka-tsantsan shi ne tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba. Ɗalibin da ya rubuta wa 'yar ajinsu "ya habibti" da niyyar fara'a kawai, yana iya jawo wa kansa fahimtar da bai nufa ba, kuma abin da ya dace a nan shi ne ya kira sunanta kawai, ko ya ce "ya ukhti". Turanci ba shi da wannan tarin sunaye na ƙauna tsakanin maza. Yana da kalmomin da samari ke kiran juna da su, amma na raha ne da sakin jiki, ba su kai ga furta cewa mutum abin so ne ko mai daraja ba.

Gaɓa ta biyu ita ce "u'bal mit sana". Asalin kalmar daga "uƙba" ne, wato abin da zai biyo baya, aka haɗa ta da harafin "li". Mutanen Alƙahira da biranen Sham ba su furta ƙafun, sukan mayar da shi hamza, shi ya sa ake jin "u'bal", yayin da a Sudan da ƙasashen Tekun Fasha ake jin "ugbal". Ita ce kalmar da ake faɗa wa gwauro a wurin biki, "u'balak", wato saura naka. A ranar haihuwa kuwa ana ɗora mata adadi, yawanci 100, wasu a Sham su ce 120, wasu kuma su bar lissafi su ce "il-umur killo", wato dukan rayuwa ta zama taka. Babu wanda yake ɗaukar adadin a matsayin hasashe. Wuce iyaka cikin fata wani ɓangare ne na ladabin harshen, kamar yadda ake cewa "alf mabruk" ko "bi alfi khair", a ninka alherin sau dubu. Bature da ya saba da auna kalma yana iya ganin wannan ya yi yawa, Balarabe kuma yana iya ganin kalmomi biyun Bature sun yi rowa, alhali kowannensu yana bin ma'aunin ladabin da aka rene shi a kai ne. A lura kuma cewa ba a bar shekarun tsirara ba, an ce "fi sihha wi sa'ada", domin tsawon rai ba tare da lafiya ba ba abin roƙo ba ne.

Gaɓa ta uku ita ce addu'a kai tsaye, kuma a ganina ita ce babban abin da ya raba harsunan biyu. A Turancin Ingila da na mafi yawan mutanen birane a Amurka, mai magana shi ne mai fata: yana cewa yana fatan za ka ji daɗin ranarka. Idan ya ambaci Allah, mai sauraro zai fahimci cewa mutum ne mai riƙo da addini kuma ya zaɓi ya nuna hakan. A Larabci kuwa ambaton Allah shi ne hanyar da aka saba, kuma bai keɓanta ga malamai ko ga Musulmi kaɗai ba, tunda Kiristan Kibɗawa na Masar yana cewa "Rabbina yikhallik", Allah ya bar mana kai, daidai yadda maƙwabcinsa Musulmi ke faɗa. Tasirin wannan a zuciya a fili yake. Wanda ya ce yana maka fata ya bayyana abin da ke ransa ne, wanda ya yi maka addu'a kuwa ya kai bukatarka gaban wanda ke da ikon biyanta, kuma ya bar maka gurbin cewa amin.

Sai kuma amsa, wadda mai koyo ya fi mantawa da ita. A Turanci godiya ta wadatar, zance ya ƙare. A Larabci kowace gaisuwa tana da abokiyar tafiyarta, kuma wanda ya amsa da "shukran" kaɗai ya bar rabin aikin. Amsar "kullu aamin wa anta bi khair" ita ce "wa anta bi khair", ko a ƙara a ce "wa anta bi alfi khair". Amsar "kulli sana w inta ɗayyib" ita ce "w inta ɗayyib", ko "w inta bis-sihha wis-salama". Amsar "yin'ad alek" ita ce "alena w alek", a kanmu da kai baki ɗaya. A misalinmu, abokin nan Bamisire zai iya mayar wa ɗalibin da "w inta ɗayyib ya habibi, Rabbina yikhallik liyya", kai ma haka masoyina, Allah ya bar mini kai. Wannan ɗabi'a ta mayar da gaisuwa da irinta ko da wadda ta fi ta tana tafiya daidai da aya ta 86 a Suratun Nisa'i, kuma ta bazu a dukan gaisuwar Larabawa, shi ya sa "sabahul khair" ke samun "sabahun nur". Abin da ke faruwa shi ne mai ranar ba ya zama mai karɓa kawai, yana mayar wa abokinsa da kaso daga alherin da aka roƙa masa, sai su tashi kowa ya yi wa kowa addu'a.

Idan abokiya ce wata ɗaliba za ta rubuta wa, saƙon nan sai ya sauya a wurare huɗu: "w inti ɗayyiba", sannan "ya habibti" ko "ya sahbiti", sannan "yiha'a'lik", sannan "bititmannih". Wajen rubutu akwai wani tarko, domin Larabci ba tare da wasulla ba yana rubuta "anta" da "anti" iri ɗaya, أنت, shi ya sa a saƙonnin waya mutane ke ƙara harafin ya su rubuta انتي idan mace suke nufi, duk da cewa ƙa'idar rubutun Fusha, wato daidaitaccen Larabcin littafi, ba ta yarda da haka ba. Wanda ya kwafo saƙo daga intanet bai duba ba yakan tura wa namiji "ɗayyiba" ko ya tura wa mace "ɗayyib", kuma daga wannan harafi guda mai karɓa zai gane cewa ba don shi aka rubuta ba. Haka kuma cakuɗa yaruka yana tona asiri, kamar a fara da "kill sane" ta Sham a ƙare da "Rabbina yikhallik liyya" ta Masar. Wanda bai iya yaren abokinsa ba, gara ya tsaya a Fusha mai sauƙi, ya ce "kullu aamin wa anta bi khair ya akhi, barakallahu fi umrik", wannan ana karɓarta daga Maroko har Oman.

Akwai kuma batun da ba za a tsallake ba idan abokin mai kiyaye addini ne sosai. Malamai sun saɓa a kan bikin ranar haihuwa. Manyan malaman Saudiyya irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun hana shi, yayin da Darul Ifta ta Masar ta halatta shi matuƙar babu saɓo a ciki. Wani ɓangare na saɓanin yana rataye ne a kalmar "id", saboda hadisin Anas da ke nuna cewa Allah ya musanya wa Musulmi ranakun wasansu biyu da Idin Fiɗir da Idin Layya, don haka wasu da ba su ga laifin taya murna ba suna guje wa kalmar su ce "yaumu miladin sa'id". Ga kuma wata ma'anar da kalmar ke da ita, domin "Idul Milad" da alif da lam shi ne sunan Kirsimeti a wurin Kiristocin Larabawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa "kullu aamin wa anta bi khair" ta fi zama lafiya, tunda ba ta kira ranar idi ba, addu'a ce zalla. Masu kiyayewa sukan kuma ɗaure roƙon tsawon rai da sharaɗi, su ce "aɗalallahu umraka fi ɗa'atih", Allah ya tsawaita rayuwarka cikin yi masa biyayya, suna dogaro da hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa ya kyautata. Wanda ya san abokinsa ba ya yin bikin kwata-kwata, ladabi shi ne ya mutunta hakan.

Adalci ya wajaba ga Turanci a nan. Shi ma yana da tsohuwar jimla mai ma'anar maimaituwa, "many happy returns of the day", wadda ke roƙon ranar ta yi ta dawowa, sai dai a yau ana jin ta kamar maganar dattawa. Kuma gajartar gaisuwar Bature ba ta nufin zuciyarsa babu ƙauna. Shi yana zuba kusancinsa ne a abin da ya keɓanta ga mutum biyu, kamar tuna wata tafiya da suka yi tare, ko zolayar aboki cewa tsufa ya kama shi, ko zaɓen kati da kyautar da ta dace da halinsa. A wurinsa jimlar da kowa ke faɗa ba ta da nauyi sosai, abin da mutum ya ƙirƙira da kansa shi ne shaidar kulawa. Balarabe kuwa ya gaji taskar jimloli shiryayyu, gwanintarsa tana cikin zaɓe da jerawa da sanin wadda ta dace da wa. Wannan ne ya sa fassara kai tsaye take ɓata duka biyun: saƙon Larabci idan aka juya shi zuwa Turanci kalma da kalma sai ya zama kamar wa'azi ko wasiƙar soyayya, zolayar Turanci a kan tsufa kuma idan aka kai ta Larabci ga wanda ba a saba da shi sosai ba, tana iya zama rashin ladabi a ranar da ake jiran a ji roƙon tsawon rai.

Bahaushe yana da sauƙin shiga wannan fage fiye da Bature, domin abin da Larabci ke yi shi ne abin da harshensa ke yi tun asali. "Allah ya ƙaro shekaru masu albarka" da "Allah ya ja kwana" suna kan layi ɗaya da "barakallahu fi umrik" da "Allah yiɗawwil umrak", kuma "ɗal umrak" da mutanen Tekun Fasha ke faɗa wa manya ba ta da nisa da "ranka ya daɗe". Ko Turancin da ake rubutawa a Najeriya ya karkata zuwa wannan ɓangare, tunda da wuya a taya mutum murna ba a ƙara masa da roƙon tsawon rai da wadata ba. Inda Bahaushe ya fi samun tangarɗa shi ne matakin harshe, saboda Larabcin da ya koya a Islamiyya ko a zaure na littafi ne, sai ya rubuta wa sa'ansa da "antum" da jimloli masu cikakken i'irabi, abokin ya ji kamar shugaban tsangaya ne ya aiko masa da takarda. Wannan salo ya dace da malami ko surukin mutum ko wanda ya girme shi da nisa, kuma a Masar ma akan ce wa irin waɗannan "kulli sana w hadritak ɗayyib", a sa "hadritak" ta girmamawa a gurbin "inta". Ga abokin da ake raba kwano da shi kuwa, "inta" da "ya sahbi" da addu'a guda a kan abin da ka san yana nema a wannan shekarar, jarrabawa ce ko aure ko lafiyar mahaifiyarsa, su ne abin da zai sa ya san cewa shi aka nufa.